Rabi-rabi tsakanin mai kuɗi da mai kiwo: wane rabi ake nufi?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na kawo wata magana ce ta wasu abokai biyu da suka nemi in zama shaidarsu, ni kuma na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba. Za su fara kiwon kajin buroila, guda 500 a kowane zubi. Na farko ma'aikacin gwamnati ne, zai kawo naira 3,000,000, amma ba shi da lokaci sai Asabar da Lahadi. Na biyun shi ya san kiwo. Yana da tsabar kuɗi naira 500,000, da mazuban abinci da na ruwa, da janareta, kuma ɗakin kajin yana cikin filin mahaifinsa. Shi zai zauna da kajin dare da rana. Sun ce komai rabi-rabi za su yi, tunda tare suka taso. Shin wannan adalci ne? In ba haka ba ne, yaya za a gyara?

Alhaji Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ina adalcin yake? Mutum ya zuba miliyan uku, wani ya zuba dubu ɗari biyar, a ce a raba daidai? Kuɗi ne ke sayen abincin kaji, ba tasowa tare ba. A lissafa abin da kowa ya kawo, a raba a kan haka, magana ta ƙare.

Uwar Gida Zariya: Alhaji, to wanda zai tashi ƙarfe biyun dare ya duba ko gawayin ɗumama 'yan tsaki ya mutu fa? Miliyan ukun ne za su tashi su duba?

Malam Akanta: Ku duka biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya. Ɗan Gwale, kafin a ce adalci ne ko ba adalci ba ne, ka koma ka tambaye su abu ɗaya: rabin me? Domin abubuwa uku ne a nan, kuma kowanne da nasa ma'auni. Akwai mallaka, wato in aka rufe harkar yau aka sayar da komai, nawa kowa zai ɗauka. Akwai riba, wato abin da ya hau bayan an cire duk kashe-kashe. Sannan akwai asara, wato wa zai ɗauki nawa in kuɗin ya ragu. Na tabbata in ka tambaye su daban-daban, mai kuɗin zai ce rabin riba yake nufi, jarinsa na nan nasa. Mai kiwon kuma wataƙila a ransa yana ganin rabin gonar ce tasa. Ba za su gane sun saɓa ba sai ranar da za a rabu.

A fara da mallaka, ita ce ta fi sauƙi. Kayan aikin mai kiwo a yi musu kuɗi yau, da farashin da za a saye su a matsayin tsofaffi, ba farashin da ya saye su sababbi ba. A kira wani mai sayar da irin kayan wanda ba ɗan'uwan kowa ba ne ya faɗi kuɗinsu. A ce sun kai naira 500,000. Jarinsa ya zama 1,000,000, jarin abokinsa 3,000,000, jimilla 4,000,000. Mallaka ke nan kashi 75 da kashi 25 cikin 100. Daga ranar janaretan ya tashi daga nasa shi kaɗai, ya koma na harka. In ya kai shi gida don kallon ƙwallo ya ƙone, kashi uku cikin huɗu na abin da ya ƙone na abokinsa ne.

Ɗakin kajin kada a sa shi cikin jari ko kaɗan. Fili na mahaifinsa ne, kuma wata rana zai zama gado tsakanin 'ya'ya da yawa. A karɓi haya daga hannun dattijon, a rubuce, misali naira 60,000 kowane zubi, a shigar cikin kashe-kashe. Haka kuma in za a yi wani gini ko a haƙa rijiya a filin da kuɗin harka, a rubuta tun yanzu yadda za a fanshe shi, don ba a ɗaukar gini a tafi da shi.

Ɗan Gwale: Malam, na gane wannan. To ribar fa? In aka bi 75 da 25 ai maganar Alhaji ce ta tabbata.

Malam Akanta: A'a, riba tana da iyaye biyu, kuɗi da aiki. Bari mu lissafa zubi ɗaya. Farashin da zan sa na misali ne, su sa na kasuwarsu na ranar.

'Yan tsaki 500 a naira 1,000 kowanne, 500,000. Buroila ɗaya tana cin kusan kilo huɗu da rabi zuwa sati shida ko bakwai, wato kimanin buhu 90 mai kilo 25. In buhu 25,000 ne, abinci ya ci 2,250,000. Rigakafi da magani da dusar katako da gawayi da man janareta, 250,000. Yaron da ke taimakawa da kuɗin mota, 100,000. Hayar ɗaki 60,000. Sai tsufan kaya, wanda kusan kowa ke mantawa: janareta da mazubai suna cinyewa, wata rana sai an sake su, don haka a cire 30,000 kowane zubi a ajiye. Jimillar kashe-kashe 3,190,000.

A ce 25 sun mutu, an sayar da 475 a 8,000, ya ba da 3,800,000. Taki da buhunan da aka zazzage sun kawo 40,000. Ku lura da wannan dubu arba'in ɗin, galibi ba ta shiga littafi, mai kiwo yana ganin ai ladan shara ce, mai kuɗi kuma ranar da ya ji sai ya fara tunanin me kuma ake ɓoye masa. Abin da ya shigo 3,840,000, riba 650,000. A bar 50,000 a asusu don ko-ta-kwana, a raba 600,000.

Yanzu a ware kason aiki tukuna. In sun yarda da kashi 40 cikin 100, mai kiwo ya ɗauki 240,000 saboda guminsa. Ragowar 360,000 ita ce ta jari: mai kuɗi 270,000, mai kiwo 90,000. Ƙarshe mai kiwo 330,000, mai kuɗi 270,000, wato 55 da 45. Kun ga a wajen riba rabi-rabin da suka ce bai yi nisa da gaskiya ba, bambancin dubu talatin ne. Inda zai cuce su shi ne mallaka da asara.

Alhaji Mai Atamfa: Kai, Malam! Wanda ya kawo kashi uku cikin huɗu na kuɗi shi ne zai tashi da kaso mafi ƙanƙanta? Wannan arba'in ɗin daga ina ta fito?

Malam Akanta: Ranka ya daɗe, ba doka ce ta yanke ta ba, ciniki ne. Amma akwai yadda ake gwada ta. Zubi ɗaya da wankin ɗaki da barin sa ya huta yana cin kusan wata biyu. A tambaya: nawa za a biya wanda ya san kiwo ya riƙe kaji 500 na wata biyu? In 80,000 ne a wata, 160,000 ke nan. To kason aikin a zubi mai kyau dole ya fi haka, saboda ma'aikaci ana biyansa ko an yi riba ko ba a yi ba, shi kuwa wannan in zubin ya lalace wata biyun sun tafi a banza. Daga ɗaya gefen, mai kuɗi ya duba 270,000 a kan miliyan uku a wata biyu, kashi 9 cikin 100 ne. In duka biyun sun ga lissafin ya fi abin da za su samu a wani wuri, to an dace. In ba haka ba a sauko 35 ko 30.

Alhaji Mai Atamfa: Ni dai 30 zan ce. Zubi mai kyau kake lissafawa, kamar kullum haka ake samu.

Matashin Ɗan Kasuwa: Ni ina ganin an wahalar da abin. Mai kuɗin ya ce kawai a riƙa ba shi 200,000 duk zubi, jarinsa na nan daram, sauran duk na mai kiwo. Babu lissafi, babu zargi, zumunci ya zauna lafiya.

Almajirin Malam: Ɗan'uwa, wannan da ka faɗa ya fita daga tarayya, ya koma bashi mai kuɗin ruwa, kuma bai halatta ba. A kan wannan babu saɓani tsakanin mazhabobi: rabon riba sai dai da kaso, rabi ko sulusi ko kaza cikin ɗari na abin da aka samu, ba adadin kuɗi da aka yanke tun farko ba. Haka nan ba a ɗora wa mai aiki lamunin jari. Asara tana bin jari, kowa gwargwadon abin da ya zuba, sai fa in an tabbatar da sakaci ko saɓa sharaɗi.

Sai dai ina da magana a kan lissafin Malam Akanta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, in mutum biyu suka haɗa jari da sunan tarayya, riba da aiki duk suna bin gwargwadon jari. In aka shardanta wa mai kashi 25 ya ɗauki 55, an ɓata tarayyar. Hanafawa da Hambalawa ne suka yarda a ƙara wa wanda yake aiki kaso. Mafitar da take cikin Malikiyya ita ce ƙiradi: mai kuɗi ya miƙa tsabar kuɗinsa ga mai aiki a kan wani kaso na riba. Abin sha'awa, in ka lissafa ta nan adadin ɗaya ne. Daga 600,000, ribar jarin mai kiwo 150,000 ce, tasa ce baki ɗaya. Ribar jarin mai kuɗi 450,000, mai kiwo ya ɗauki kashi 40 a ciki, 180,000. Ka haɗa, 330,000. Amma sharuɗɗan sun bambanta. A ƙiradi jari sai tsabar kuɗi, ba kaya ba, kuma mai kuɗi ba ya shardanta cewa sai ya sa hannu a aikin. Akwai kuma bayani a kan gauraya kuɗin mai aiki da na ƙiradi. Don haka kafin a sa hannu su kai takardar wurin malamin da ya san babin ciniki, ya gaya musu a wace ƙofa suka shiga.

Malam Akanta: Madalla, Allah ya ƙara sani. Bari in ƙarasa da asarar tunda an taɓo ta. A ce zafin watan Afrilu ko wata cuta ta kashe 150 a sati na biyar, bayan sun riga sun cinye yawancin abincin. An sayar da 350, an samu 2,800,000, da taki 2,840,000. An faɗi da 350,000. Mai kuɗi ya ɗauki 262,500, mai kiwo 87,500 tare da aikinsa na wata biyu. Da rabi-rabi ne, da mai kiwo ya ɗauki 175,000, ga kuma gumi ya tafi, wato an ci shi sau biyu.

Abu ɗaya da ya kamata ya shiga takarda: in zubi na gaba ya kawo riba, ba a raba komai sai an cike ramin 350,000 ɗin tukuna. In ba a rubuta ba, abin da ke faruwa shi ne ana raba ribar zubi mai kyau, ana barin asarar mummunan zubi tana cin jari, har wata rana a tashi sayen abinci a ga kuɗin bai kai buhu 90 ba, kowa yana mamaki tunda "kullum ana samun riba".

Uwar Gida Zariya: To amma mutumin nan me zai ci kafin wata biyu? Yana da iyali. Ni a ganina a yanka masa albashi, a sa a cikin kashe-kashe, sauran a raba 75 da 25. Ya fi tsafta.

Malam Akanta: Hajiya, a lissafi hakan yana aiki, kuma da yawa haka suke yi. Illarsa guda biyu. Ta farko, a zubin da aka faɗi, albashin daga jari yake fita, wato yawancinsa daga aljihun mai kuɗi, kuma nan zumunci yake fara tsami. Ta biyu, wanda albashinsa ke zuwa ko kaji sun yi nauyi ko ba su yi ba, hankalinsa ba ya tashi kamar wanda rabonsa ke rataye da nauyinsu. Abin da na fi so shi ne a ba shi damar ɗibar wani abu, misali 50,000 a wata, a rubuta a matsayin abin da ya ci daga kasonsa. Ranar rabo a cire. In zubin bai kawo riba ba, ya zama bashi a kansa zuwa zubi na gaba.

Almajirin Malam: Kuma malamai da yawa ba sa yarda abokin tarayya ya haɗa albashi tsayayye da kason riba a cikin yarjejeniya ɗaya, don zai iya kwashe ribar duka a shekarar da ta yi kaɗan. Wasu na zamani sun ba da dama in an yi yarjejeniyar ɗaukar aiki daban wadda za a iya soke ta ba tare da an rushe tarayyar ba.

Uwar Gida Zariya: Na ji, amma ban gamsu ba. Bashi a kan mutumin da ya yi wata biyu yana kwasar kashin kaji? In zubi biyu suka faɗi a jere ya zama bawan abokinsa ke nan. Ko da ƙaramin albashi ne a sa masa.

Likitan Dabbobi: Ku ba ni dama in shigo ta inda na sani. Kowa yana cewa "sai in an yi sakaci", amma ranar da kaji 150 suka mutu, wa zai ce sakaci ne wa zai ce ƙaddara ce? Mai kuɗi yana ofis, bai ga komai ba. Wannan ba a warware shi bayan mutuwa, sai kafin ta.

A manna takarda a ƙofar ɗakin kaji, kowace rana layi ɗaya: nawa suka mutu, buhu nawa aka buɗe, wane magani aka ba su. Kowace yamma a ɗauki hotonta a tura wa mai kuɗi, waɗanda suka mutu ma a jera su a ɗauki hoto. Jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota wanda likita ya rubuta a haɗa shi da yarjejeniya, a riƙa ajiye rasit da kwalbar da aka yi amfani da ita. Sannan a rubuta abubuwan da in an yi su sakaci ne: tsallake rigakafi, shigo da wasu kaji daga kasuwa ko na gida cikin ɗakin, zuba sabon zubi ba a wanke an yi feshi ba, barin su babu ruwa da rana, ko ganin mutuwa ta wuce misali biyar a yini ɗaya ba a kira likita ba. Abin da ba ya cikin jerin, kuma an yi abin da ya kamata, asarar harka ce.

Takardar nan tana kuma tona abin da baki ba zai faɗa ba. Mutuwar da ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari a zubi ba, ba abin tada hankali ba ce. Amma in littafi ya nuna an buɗe buhu 105 kuma kajin ba su kai kilo biyu ba a sati na bakwai, ko dai abincin ba shi da kyau, ko akwai cuta a ciki, ko ana zubar da shi a ƙasa, ko buhu yana fita ta bayan gida. A riƙa auna kaji ashirin duk mako a kan sikeli, mai kuɗi ya zo ranar Asabar a yi tare. Aikin da zai iya ke nan.

Malam Akanta: Likita ya kawo mu kan rabon aiki. Ƙa'idar ita ce wanda yake kashe kuɗi kada ya zama shi kaɗai ke riƙe littafi. Mai kiwo: kula da kaji, sayen abinci da magani, neman masu saye. Mai kuɗi: littafin shiga da fita, da daidaita shi da bayanan banki duk mako. A buɗe asusu na harka kaɗai, alat yana zuwa wayar kowa. Duk ciniki ya shiga asusun, ko na tsabar kuɗi ne a zuba a ranar. Mai kiwo ya riƙe kuɗin hannu kamar 50,000 yana kawo rasit, abin da ya haura 100,000 kuma sai da yardar su biyun.

Wurare biyu da kuɗin kaji ke zurarewa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Ɗaya bashi ne. Masu gasa kaji da masu gidan abinci suna ɗiba su ce sai sun sayar. A sa iyaka, misali kada bashin waje ya wuce 200,000 a lokaci ɗaya, wanda ya ba da fiye da haka ba da izini ba, in ya maƙale a kansa yake. Kuma ba a raba bashi a matsayin riba sai ya shigo. Na biyun kajin gida. Sallah ta zo, mai kuɗi ya aiko a kama masa goma, mai kiwo ya kai wa surukai biyar. Kaji goma sha biyar a 8,000, 120,000 ne, kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a raba. Kowa ya ɗauka, amma a rubuta da farashin ranar a cire daga kasonsa.

Maman Ikram: Don Allah ku ɗan duba tawa. Ni da ƙawata muna da shagon POS, kowa ta zuba 400,000. Yanzu kuɗin hannu ba ya isa, ni ina da 400,000 da zan ƙara, ita ba ta da shi. Ta ce in zuba kawai a ci gaba da rabi-rabi.

Malam Akanta: Maman Ikram, kafin kuɗin ya shiga ku sa masa suna. In rance ne ga shagon, za a mayar miki da 400,000 cif kafin a raba riba, ba ƙari, kuma rabi-rabi na nan. In jari ne, sai an fara ƙirga abin da shagon ya mallaka yau. A ce ya kai 1,000,000, kowa 500,000. Da ƙarinki ya zama 1,400,000, naki 900,000, kusan kashi 64. Ba za a lissafa da tsohon 400,000 ba, don hakan zai cinye mata ribar da ta bari a ciki. Wannan ya shafi masu kajin ma, don abinci zai tashi, kuma ma'aikacin gwamnatin ne kullum za a ce ya cika.

Barista: Bari in sa baki ta fuskar doka, don akwai abin da mutane ke ɗauka rajista ta yi musu alhali ba ta yi ba. In suka je hukumar rajistar kamfanoni ta CAC suka yi rajistar sunan kasuwanci, sunan kawai aka yi wa rajista da sunayen masu shi. Takardar ba ta faɗin wa ke da 75 wa ke da 25. Kuma harkar ba ta zama wani mutum daban ba a idon doka. In mai kiwo ya karɓo abinci bashi na miliyan biyu da sunan gonar, dillalin yana iya bin mai kuɗi har kan albashinsa da motarsa, ko da bai san an karɓo ba, domin kowane abokin tarayya wakilin ɗayan ne a harkokin yau da kullum na sana'ar.

In babu rubutacciyar yarjejeniya kuma aka je kotun da ke aiki da dokar tarayyar kasuwanci ta Ingila ta 1890, wadda muka gada kuma dokokin jihohi da dama suka kwaikwaya, abin da take ɗauka shi ne riba da asara daidai-wa-daida, babu wanda ya cancanci albashi, kuma mutuwar ɗaya tana rushe tarayyar. Duk lissafin Malam Akanta ba zai yi aiki ba sai an tabbatar cewa haka aka yi yarjejeniya.

In suna son kariya daga bashi, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ba da hanyar kamfani mai Ltd, inda ƙaramin jarin hannayen da ake rajista da shi naira 100,000 ne, ta kuma kawo tarayya mai iyakantaccen alhaki, wato LLP. Sai dai a kamfani ana ƙuri'a da yawan hannun jari. Mai kashi 75 shi kaɗai zai iya zartar da ƙuduri na musamman, har ya canza dokokin kamfanin. In aka yi 50 da 50 kuma, ranar da aka saɓa babu mai rinjaye, komai ya tsaya. Ga kaji 500 ni ba zan ce su yi gaggawar kamfani ba, don akwai rahoton shekara-shekara da kuɗin da yake ci. Sunan kasuwanci da yarjejeniya mai shafi biyu ko uku, da shaidu biyu, kowa da kwafinsa, ya isa a fara.

Alhaji Mai Atamfa: Barista, mu a kasuwa shekara da shekaru da amana ake yi. Ka kawo wa abokinka takardar lauya ai ka nuna ba ka yarda da shi ba.

Barista: Alhaji, sabo da kaza ba ya hana yanka. Kuma takardar ba don su biyun kaɗai ba ce. In ɗaya ya rasu, waɗanda za su zo su ne matarsa da 'yan'uwansa, ba su taso tare da kowa ba, kuma haƙƙinsu ne su san abin da ya bari. Shi ya sa sashen fita ya fi kowane sashe muhimmanci. A rubuta cewa ba a fita a tsakiyar zubi, sai an sayar an rufe lissafi. Mai son fita ya ba da sanarwar zubi ɗaya. A ƙirga kuɗin asusu, da abincin da ya rage, da kayan aiki a farashin ranar, da bashin da ake sa ran zai dawo, a cire wanda ake bin harkar. Wanda ya rage shi ke da haƙƙin fara saye, kuma a ba shi damar biya kashi-kashi, misali cikin zubi uku, don in aka ce mai kiwo ya fito da miliyan uku a mako ɗaya an kashe gonar. Haka za a yi da magada. A kuma ambaci mutum ɗaya da duka suka yarda da shi wanda za a fara kai wa saɓani kafin kotu.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai. Akwai saura ɗaya. Mai kiwon ya ce burinsa nan gaba mallakar ma ta koma rabi-rabi.

Malam Akanta: Yana iyawa, amma da saye, ba da daɗewa ba. Duk ƙarshen zubi ya ɗauki wani abu daga kasonsa ya sayi wani yanki na abokinsa. In harkar tana kan 4,000,000, kowane kashi ɗaya 40,000 ne. Ya ba da 120,000, ya koma 28, abokinsa 72. Daga 25 zuwa 50 yana buƙatar 1,000,000, kusan zubi tara a haka. Farashin ya zama na ranar da ake sayen, bayan an ƙirga dukiyar, ba wanda aka ƙayyade tun farko ba. Kuma duk lokacin da kason ya motsa, rabon riba da na asara su motsa tare da shi, a rubuta sabon adadin a bayan takardar su sa hannu.

Alhaji Mai Atamfa: In mai kuɗin ya yarda ya sayar ke nan. Ni in ni ne, harka tana tafiya, ba zan sayar ba.

Barista: Shi ya sa za a tambaye shi yanzu, kafin 'yan tsaki su iso. Ɗan Gwale, ka ce su rubuto abin da suka tsayar a kan kason aiki, 30 ne ko 40, da maganar albashi ko ɗiba, da amsar malaminsu, sai a zuba a takarda. Takardar hayar ɗaki kuma mahaifin ne zai sa hannu da kansa, ba ɗan ba.